Farin Ɓawon Shawa da Famfo: Yadda Ake Cire Shi da Khal ko Sitirik ba Tare da Ɓarna ba

Ƙannena, idan shawar gidanku ta fara fesa ruwa a karkace, wani zare ya nufi bango, wani ya nufi ido, rabin ramukan kuma sun yi shiru, kada ku yi saurin cewa kan shawar ya mutu a sayo sabo. Ku ɗaga kai ku dubi ramukan da kyau. Galibi za ku ga wani farin ɓawo mai tauri ya kewaye kowane rami, irin wanda kuke gani a gindin butar dafa shayi da bakin famfon da ke ɗiga. Ɓawon nan yana fita da abu mai araha, farin khal ko garin sitirik. Amma abin da ke cinye ɓawon yana iya cin abin da ke ƙarƙashinsa idan aka bar shi ya daɗe, kuma akwai haɗin da idan aka yi shi a cikin banɗaki rufaffe yana iya kai mutum asibiti. Saboda haka nake so ku san aikin daga tushe kafin ku sa hannu.

Daga cikin ruwan ɓawon yake fitowa. Ruwan sama idan ya ratsa ƙasa ya bi ta cikin dutsen farar ƙasa, yakan narkar da sinadarin kalsiyam da maginiziyam ya tafi da su. Shi ya sa ruwan burtsatse da na rijiya a yankunan da ke da irin wannan dutse yakan yi nauyi. Masu zama wajajen Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe, ko Malbaza a Nijar, sun san dutsen, don shi ne ake haƙa a yi siminti da shi. Ruwan yana fitowa garau, ido ba ya ganin komai a cikinsa, sai dai sabulu ba ya kumfa da wuri. Idan aka dafa shi, ko ya bushe a kan ƙarfe, ruwan ya tafi ya bar kalsiyam ɗin a daskare, shi ne sinadarin da ake rubutawa CaCO3. Masana ruwa suna kiran ruwa mai nauyi idan abin da ke cikinsa ya haura miligiram 120 a lita ɗaya. Idan burtsatsen unguwarku yana da miligiram 200 a lita, to kowace jarka mai lita 20 tana ɗauke da giram 4 na wannan abu a narke. Ba dukkansa ne ke maƙalewa ba, amma duk ɗigon da ya bushe a bakin rami yana barin ɗan rabonsa, yau da gobe har ramin ya toshe. Ruwan ba guba ba ne, shansa ba ya cutarwa. Bututu da buta da kan shawa ne ke shan wahalarsa.

Akwai dalilin da ya sa toshewar take damun mu fiye da mutanen da ruwa ke zo musu da ƙarfi daga babban bututun gari. Yawancin gidajenmu tanki ne a kan hasumiya ko saman rufi, nauyin ruwan ne kawai ke tura shi ƙasa. Kowace mita goma ta tsawo tana ba da matsi kimanin bar ɗaya. Idan tankinku ya fi kan shawa tsawo da mita uku kacal, matsin da ke isa ramukan bai kai sulusin bar ɗaya ba. Ruwa mai wannan rauni ba ya iya ture ko ɗan ƙaramin ɓawo, don haka toshewar da wani ba zai lura da ita ba, ku za ta mayar muku da wanka tsaye ya zama jiran ɗigo.

Kafin ku zuba komai, ku tabbatar da abu biyu: cewa matsalar a kan shawar take, da kuma cewa abin da ya toshe shi irin wanda tsami ke narkarwa ne. Na farko da bokiti ake gane shi. Ku tara bokiti mai lita goma a ƙarƙashin shawa, ku buɗe famfo har ƙarshe, ku duba agogo. Sannan ku kwance kan shawar, ku sake tarawa daga bakin bututun kai tsaye. A ce da kan shawa bokitin ya ci minti uku kafin ya cika, amma da aka cire shi ya cika a minti ɗaya. Wannan ya nuna bututu lafiya lau yake, kan ne ke riƙe ruwan. Idan kuwa ko an cire kan ruwan bai ƙaru ba, to laifin yana can baya: tanki ya yi ƙasa, ko iska ta shiga layi, ko bututun ƙarfe ya yi tsatsa ya tsuke, ko wani makunni ba a buɗe shi duka ba. Khal ba zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Na biyu kuma ɗigo ɗaya ya isa. Ku kankaro ɗan ɓawon da farce ko bakin cokalin roba a cikin faranti, ku ɗiga masa khal. Idan ya fara fitar da ƙananan kumfa yana ɗan shu-shu, shi ne, kuma aikinku zai yi kyau. Kumfar nan iskar kabon ce da ke fita lokacin da tsami ya haɗu da ɓawon, abin da ya rage kuma ya narke ya bi ruwa. Idan bai motsa ba, wani abu ne daban. Yana iya zama rairayi da laka da injin burtsatse ya zuƙo, waɗanda sai an wanke su da hannu. Yana iya zama dattin sabulu mai santsi, wanda ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke ke ɗaukewa. Jan tabo mai kama da tsatsa alamar ƙarfe ne a cikin ruwan, kuma sitirik ya fi khal iya shi, ko da yake a hankali yake yi. Kore-kore a jikin famfo kuwa gargaɗi ne: rufin saman ya riga ya huje, tagullar da ke ƙasa ta fara ci, kuma tsami zai ƙara buɗe wurin.

Khal ɗin da nake nufi shi ne fari, na girki, wanda aka rubuta kashi 5 cikin 100 a jikin kwalbarsa. Ba sai kun ɓata khal ɗin tuffa mai tsada ba, don ba abin da zai ƙara muku sai launi da ƙamshi. Lita ɗaya ta farin khal tana da tsami kimanin giram 50, kuma a lissafi tana iya narkar da ɓawo kusan giram 40. Kan shawa ɗaya da wuya ya tara ko rabin wannan. Kun ga ke nan ba ƙarfin tsami kuke nema ba, lokaci ne da kuma isar ruwan ga wurin da ɓawon yake. Sitirik kuwa farin gari ne mai ƙyalli, shi ne tsamin da ke cikin lemun tsami, ana samunsa wajen masu sayar da kayan kek da kayan haɗa lemo. Babban cokali biyu, kimanin giram 30, a cikin lita ɗaya ta ruwa ya wadatar. Ba shi da wari, yana da sauƙin ajiya, kuma ƙunshi ɗaya yana yin aiki sau da yawa. Ni na fi son sa ga banɗakin da ba shi da taga mai kyau, domin warin khal a ƙaramin ɗaki yana shaƙe mutum. Wanda ba shi da ko ɗaya, ruwan lemun tsami da aka tace zai yi wa ƙaramin abu irin ragar bakin famfo, amma a tace shi sosai kada ɓargonsa ya koma ya toshe ramukan.

Sitirik yana da wani hali da ya kamata ku kiyaye. Kada ku haɗa shi da tafasasshen ruwa, kuma kada ku cika garin da yawa. Idan ya narkar da ɓawo a cikin zafi mai tsanani, abin da suka haifa yakan koma ya kwanta a matsayin wani farin gari mai wuyar narkewa, sai ku ga kun cire ɓawo ɗaya kun shimfiɗa wani a cikin ramuka. Ruwa mai ɗumin da hannu zai iya zama a ciki ba tare da ƙuna ba, shi ne daidai. Khal ma ɗumi yana sa shi sauri, amma kada a tafasa shi, tururinsa yana cin ido da maƙogwaro.

To mu ɗauki kan shawar nan da ya ci minti uku, mu bi shi daki-daki. A ce irin wanda aka fi samu ne a kasuwa, jikinsa roba ce da aka yi wa rufi mai ƙyalli kamar azurfa, an ɗaura shi a bakin bututu mai rabin inci. Ku rufe famfo. Ku riƙe bututun da hannu ɗaya don kada ya juya a cikin bango, ku murɗa kan da ɗaya hannun ta hagu. Idan ya ƙi, ku naɗa tsumma a kan notin kafin ku kama da filaya, domin haƙoran filaya suna yanka rufin, kuma daga wannan yankan tsami zai samu hanyar shiga ƙarƙashi. Idan ya ƙi har yanzu, ɓawon ne ya kama zaren. Ku jiƙa tsumma da khal ku naɗe wurin na minti ashirin, ku sake gwadawa. Kada ku yi dambe da shi. Bututun da ya karye a cikin bango sai an fasa tayil.

Da ya fito, ku leƙa wuyansa. Za ku ga baƙar woshar roba, wani lokaci haɗe da 'yar raga. Ku ciro su da tsinke ku ajiye a gefe. Sau da yawa rabin toshewar a kan ragar nan take, rairayi ne ya taru, kuma wankin buroshi a ƙarƙashin famfo ya ishe ta. Woshar ba ta bukatar jiƙo, gogewa kawai take so, idan kuma ta bushe ta tsattsage, a canja ta, kuɗinta kaɗan ne.

Ku sami roba mai zurfi ko kwanon gilashi. Kada ku yi amfani da tukunyar dalma ko kwanon alminiyam, tsami yana cin su. Ku zuba khal da ruwa rabi da rabi, ko haɗin sitirik ɗin nan, ku nutsa kan shawar fuskarsa tana kallon sama, ku ɗan karkata shi har iskar da ke ciki ta fita ruwan tsamin ya cika cikinsa. Wannan matakin mutane da yawa ke tsallakewa. Idan aka kifa shi kawai, iska takan maƙale a ciki, sai waje ya wanku, bayan ramukan kuwa inda ɓawon ya fi kauri ko taɓa shi ba a yi ba. Kada ku rufe robar da murfi mai kamawa, iskar da ke fita tana bukatar hanya.

Yanzu ku tsaya ku kalla. Cikin minti ɗaya ko biyu za ku ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga ramukan, wasu suna manne a jikin ɓawon kafin su saki su taso. Gefen ɓawon zai fara laushi, launinsa ya tashi daga fari ƙal ya koma toka-toka, ruwan kuma ya ɗan yi hazo. Kumfar ita ce agogonku. Muddin tana tashi, aiki yana tafiya. Idan ta tsaya, ko dai ɓawon ya ƙare, ko tsamin ya gaji. Bayan minti talatin ku ciro, ku goge fuskar da tsohon buroshin haƙori. Idan ramukan suna da 'yan kawunan roba masu laushi, ku murza su da babban yatsa, ɓawon zai farfashe ya zube. Idan ramuka ne kawai a jikin faranti, ku bi su da tsinken sakace. Allura da ƙusa suna faɗaɗa rami, kuma ramin da ya faɗaɗa yana kwashe ruwan sauran, sai feshin ya lalace har abada.

Idan akwai saura, ku haɗa sabon ruwa ku mayar na wani minti talatin. Jiƙo biyu gajeru da gogewa a tsakani sun fi jiƙo ɗaya na dare guda. Na san ana yawan cewa a bar shi ya kwana, kuma ban yarda da wannan shawara ba ga kayan da muke saye. Rufin ƙyallin nan siriri ne ƙwarai, bai kai kaurin gashi ba, kuma a kan kaya masu araha yakan zo da ƙananan huji tun daga masana'anta. Tsami idan ya gama da ɓawo ba ya tsayawa, sai ya bi hujin ya shiga ƙarƙashi. Da safe sai a tarar da rufin ya dushe, ko ya yi tabo, ko ya fara ɓarewa. Wannan ba ya gyaruwa.

Bayan an gama, a ɗauraye sosai. Ku tara fuskar a ƙarƙashin famfo ruwa ya shiga ta ramukan ya fita ta wuya, don ya koro gutsattsarin da suka saki a ciki. Ku buɗe bututun bango na ɗan lokaci ya zubar da dattinsa kafin ku mayar. Ku sa raga da wosha, ku ɗaura da hannu. Idan irin wanda ba shi da wosha ne, ku cire tsohon farin tef ɗin falamba daga zaren, ku naɗa sabo zagaye uku ko huɗu ta ɓangaren da ake ɗaurewa, don kada ya warware. Ku sake gwajin bokiti. Idan ya sauko zuwa minti ɗaya da rabi ko kusa da haka, kun gama. Kan shawa dole ya ɗan rage gudun ruwa, ba zai taɓa kai buɗaɗɗen bututu ba.

Wanda ba ya kwantuwa, ana yi masa dabarar leda. A zuba haɗin a leda mai kauri wadda ba ta yoyo, a tura kan shawar ciki har ramukan su nutse, a ɗaure wuyan da kyauro. Dabarar tana aiki, sai dai tana wanke fuska fiye da ciki, kuma tana ɗiga. Ku ajiye bokiti a ƙarƙashi, kuma lokacin kwancewa ku kawar da fuskarku gefe, don ledar tana sama da idonku. Idan kuwa shawar irin mai ɗumama ruwa da lantarki ce a cikin kanta, ku kashe wutarta daga babban makunni tukuna, kuma kada ku nutsa jikinta a komai. Farantin ramukan kaɗai ake kwancewa a jiƙa.

Famfon sink da na kicin ciwonsu yana bakinsu. Ku shafa ƙarshen bakin, za ku ji wani ɗan zobe mai raga. Aikinsa shi ne haɗa ruwa da iska don kada ya fantsama, kuma shi ke fara toshewa. Ku toshe ramin sink da tsumma kafin ku kwance, domin kayan cikinsa ƙanana ne, idan suka faɗa sun tafi. Ku jera su a kan faranti yadda suka fito, ko ku ɗauki hotonsu da waya, don idan aka mayar da su a juye ruwa ba zai fito daidai ba. Ragar da robar ciki za su iya shiga khal tsantsa na minti talatin zuwa awa ɗaya. Zoben waje mai ƙyalli kuwa a ba shi haɗin rabi da rabi, kuma kada ya daɗe. Ɓawon da ya taru a gindin famfo da kewayen mariƙi, tsumma ake jiƙawa a naɗa masa na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a goge, a ɗauraye, a tsane da busasshen tsumma. Kada a kankare da wuƙa ko soson ƙarfe.

Ba kowane famfo ne ke jure ko wannan ba. Mai launin zinariya, da baƙi marar ƙyalli, da mai launin tagulla, rufinsu ya fi saurin lalacewa. Ga waɗannan ku ƙara ruwa a haɗin, kashi ɗaya na khal kashi uku na ruwa, ku gwada a bayan famfon inda ido ba ya kaiwa, kuma ku goge ku ɗauraye cikin 'yan mintuna ba tare da naɗa tsumma ba. Akwai kuma famfuna masu araha da aka zuba da tutiya a maimakon tagulla. Za ku gane su da ƙuraje da suke yi a jiki, da farin gari mai toka-toka da ke fitowa daga inda rufin ya fashe. Wannan garin ba ɓawon ruwa ba ne, ƙarfen ne da kansa yake rubewa, kuma tsami yana gaggauta masa mutuwa.

Ku dubi abin da ke ƙarƙashin famfon ma. Mabul da tarazo danginsu ɗaya da ɓawon da kuke narkarwa, sinadarinsu ɗaya ne. Ɗigon khal a kan mabul yana barin tabo marar ƙyalli cikin mintuna kaɗan, kuma wanki ba ya fitar da shi, sai an sake goge dutsen da inji. Simintin da ke tsakanin tayil ma yana ci a hankali idan ana yawan zuba masa tsami, har ruwa ya fara bi ta nan ya shiga ƙarƙashi. Idan sink ɗinku a kan mabul yake, ku shimfiɗa leda, ko ma ku kwance abin da za ku wanke ku kai shi tsakar gida.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a wannan nasiha. Kada ku taɓa haɗa khal ko sitirik da bilic, ko Haifo ne ko Jik ko garin kulorin da ake sa wa tanki. Tsami idan ya haɗu da bilic yana sakin iskar kulorin, wadda ke ƙona ido da hanci da huhu. Ba sai an haɗa su a roba ɗaya da gangan ba. Ya isa a ce yayarku ta wanke ƙasan banɗaki da bilic da safe ba a ɗauraye ba, ku kuma ku zo ku juye ruwan jiƙonku a wurin. Ya isa a yi amfani da bokitin da aka jiƙa fararen kaya ba a wanke shi ba. Saboda haka ku tambaya kafin ku fara: «Yaya, kin sa bilic a banɗakin nan yau?» Idan an sa, a kora da ruwa mai yawa tukuna. Idan kuka ji wari mai kaifi, ido ya fara hawaye, tari ya taso, kada ku tsaya gyara. Ku fita nan take, ku bar ƙofa a buɗe, ku hana yara shiga. Wanda tarinsa bai lafa ba, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti ba jira, musamman mai ciwon asma. Idan kuna son kashe ƙwayoyin cuta a kan shawa da bilic, wannan aiki ne na daban, bayan an ɗauraye tsamin tas. Khal yana cire ɓawon da ƙwayoyin cuta ke fakewa a ciki, amma kada ku ɗauke shi a matsayin maganin kashe su.

Haka nan za ku haɗu da mai cewa khal wasa ne, a kawo ruwan batir ko asid ɗin da masu tayil ke wanke siminti da shi. Ku ƙi. Waɗannan suna cinye ɓawo nan da nan, su cinye rufin famfo tare da shi, tururin na masu tayil yana sa duk ƙarfen da ke ɗakin tsatsa, kuma fantsama ɗaya a ido tana iya makantar da mutum. Akwai ma khal mai ƙarfi, na kashi 25 ko sama, da tsantsarsa da masu sayar da kemikal ke aunawa a jarka. Shi ma yana ƙona fata, ba na wannan aiki ba ne. Wasu kuma suna zuba bakin hoda ko kanwa a cikin khal, su ga kumfa ta taso su ce ya ƙara ƙarfi. Kumfar nan tsamin ne ke ƙarewa a banza, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne wanda ba zai taɓa ɓawo ba.

Ko da tsami mai sauƙi ne, a buɗe taga, wanda ke da yanka ko kaushi a hannu ya sa safar roba. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta yana gudana na minti goma sha biyar, idan zafin bai tafi ba a ga likita. Garin sitirik yana kama da sukari, don haka a rubuta sunansa a jikin gwangwanin a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Haɗin da ya rage kada a ɗura shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, a zubar da shi a magudana a bi shi da ruwa.

Ɓawon zai dawo, tunda ruwan bai canja ba. Matatar da ake ɗaurawa a layi mai farin zare a ciki tana tare rairayi, ba ta tare abin da ya narke. Alam yana kwantar da laka, ba ya rage nauyin ruwa. Abin da ke cire kalsiyam daga ruwan gida gaba ɗaya shi ne injin tausasa ruwa mai aiki da gishiri, kuma yana da tsada da ɗawainiya. Ga yawancinmu abin yi shi ne kada a bari ɓawon ya yi kauri. A inda ruwa ke da nauyi sosai, jiƙon minti ashirin sau ɗaya a wata ko wata biyu ya isa, kuma alamar lokaci ita ce ranar da rami na farko ya fara feshi a karkace. Goge famfo da busasshen tsumma bayan amfani yana rage taruwar sosai, tunda ɓawon daga ɗigon da ya bushe yake samuwa.

Famfon da ke ɗiga dare da rana kuwa, kome yawan wankinsa bakinsa zai sake fari cikin makonni. Wannan wosha ce ta ci, ko kuma ƙwayar cikin mariƙin ta lalace. A rufe ruwa daga tanki, a kwance mariƙin, a ɗauki tsohuwar a je da ita shagon kayan famfo don a samo daidai girmanta. Idan mariƙin ya yi tauri yana ƙara in an murɗa, kada ku ɗura khal ta samansa kuna fatan ya saki, domin zai wanke man da ke ciki ya zauna a kan robobin. A ciro ƙwayar, a jiƙa ta ita kaɗai na ɗan lokaci, a ɗauraye, a shafa mata man silikon na famfo kafin a mayar. Man jelin shafawa da man inji suna kumbura wasu robobin, kada a sa su. Idan ba ku taɓa kwance irinta ba, ku kira falamba, ku tsaya kusa ku ga yadda yake ciro ta da yadda yake mayarwa.